Yadda ake rubuta takardar sallamar yaron da ya yi maleriya mai tsanani zuwa ga likitan asibitin unguwa

Sababbin likitoci da ɗaliban da ke zagayen ɗakin yara sun sha tambayata abin da ya kamata ya shiga takardar sallama idan yaro ya tashi daga maleriya mai tsanani. Yawancinsu sun iya jinyar, takardar ce ke ba su wahala. Dalili kuwa suna ɗaukarta a matsayin labarin abin da ya wuce, alhali miƙa aiki ne ga wani likita. Yaron da aka sallama bai gama fita daga haɗari ba. A makonni da watannin farko jininsa na iya sake raguwa, zazzaɓin na iya dawowa, kuma likitan da zai fara ganinsa bai taɓa buɗe fayil ɗinku ba. Abin da ke hannunsa kawai shi ne takardar da uwar yaron ta ciro daga jaka.

Zan bi matakan da misalin yaro guda, ɗan shekara 3 mai nauyin kilo 13. An kawo shi daren Litinin 2 ga wata a sume, bayan jijjiga sau uku a gida, aka sallame shi ranar Juma'a 6 ga wata da rana.

1. Tara takardun kafin ka fara

Kada ka rubuta daga ka. Ajiye abu huɗu a gabanka: fayil ɗin yaron, takardar da nas ke sa hannu duk lokacin da aka ba da magani, sakamakon ɗakin gwaji, da takardar ƙarin jini. Idan akwai wasiƙar da aka turo yaron da ita, haɗa da ita, don a nan za ka ga sunan asibitin da za ka mayar wa amsa da abin da suka ba shi kafin ya iso.

Gargaɗi: abin da likita ya rubuta a ba yaro daban, abin da aka ba shi daban. Fayil zai nuna maka umarni, takardar nas ce ke nuna allurar da ta shiga jiki da ƙarfe nawa. Idan suka saɓa, bi ta nas, ka kuma tambaya. Wannan taron takardu ba ya wuce 'yan mintoci, amma shi ne ke hana ka rubuta allura huɗu inda aka yi uku.

2. Kan takarda

Cikakken suna, shekaru, jinsi, lambar fayil, ranar kwanciya da ranar sallama, sunan mai kula da yaron da lambar wayarsa. Sai nauyi. Rubuta nauyin da aka auna a kan sikeli, ba na kintace ba, domin kusan duk maganin da likitan unguwa zai bayar da nauyi ake lissafa shi. Idan akwai maganin da jikin yaron ba ya karɓa, a nan sama za ka rubuta shi. Idan babu, rubuta "ba a san da wani ba". Gurbin da aka bari fayau ba ya gaya wa kowa ko an yi tambayar.

3. Sunan cutar da hujjarta

"Maleriya mai tsanani" kaɗai bai isa ba. Yaron da ƙarancin jini ya kwantar da shi da wanda cutar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa duk sunan ɗaya suke ɗauka, amma bibiyarsu ba ɗaya ba ce. Don haka faɗi abin da ya sa aka kira ta mai tsanani, kowanne da adadinsa. Ga yadda na yaronmu zai kasance:

"Maleriya mai tsanani, ƙwayar falsifarum, an tabbatar da gwajin gaggawa da kuma duba jini a madubin ɗakin gwaji. Ta zo da: taɓa ƙwaƙwalwa, makin zurfin suma na Bilantaya 2 cikin 5, bai farfaɗo ba ko bayan gyara sukari, jijjiga sau 3 a gida, sau 1 a ɗakinmu, matsanancin ƙarancin jini, Hb 4.2 g/dL, faɗuwar sukari, 1.9 mmol/L."

Waɗannan lambobi suna da ma'auni a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: makin Bilantaya ƙasa da 3, jijjiga fiye da biyu cikin awa 24, sukari ƙasa da 2.2 mmol/L, Hb 5 g/dL ko ƙasa da haka ga yaron da bai kai shekara 12 ba. Likitan da ya ga adadin zai san zurfin ramin da yaron ya fito daga ciki ba sai ka yi dogon bayani ba.

Rubuta kuma abin da aka nema ba a samu ba, idan yana da amfani. An ɗebi ruwan ƙashin bayan yaronmu an same shi garau, saboda haka layi ɗaya ya isa: "An cire zargin sanƙarau." Idan ba a samu yin gwajin ba, faɗi haka ƙarara, da dalilin.

Gargaɗi: kada ka rubuta cewa cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa don kawai yaro ya yi jijjiga. Yaron da ya farka cikin rabin awa bayan jijjiga, ko wanda ya buɗe ido da aka ɗura masa sukari, ba ya cikin wannan rukuni. Sunan da ka sa a takarda zai bi yaron shekaru.

4. Abin da aka yi, da kwanan wata da ƙarfe

A nan ne mutane ke zuba labarin kowace rana tun daga zagayen safe. Likitan unguwa ba shi da lokacin wannan, yana da layin mutane a ƙofa. Ba shi magani, awo, da lokaci.

Fara da allurar atesunet. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma miligiram 2.4. Ana yin ta a awa ta 0, ta 12 da ta 24, sannan sau ɗaya a rana har ya iya haɗiya. Yaronmu lissafinsa miligiram 39 ne, aka cike shi 40. Sai ka rubuta: "Atesunet ta jijiya, miligiram 40, allura 4: Litinin 2 ga wata ƙarfe 9 na dare, Talata 9 na safe, Talata 9 na dare, Laraba 9 na dare." Ranar allurar farko ita ce mafi muhimmanci a wannan layi, domin daga ita za a ƙirga ranakun gwajin jini na gaba. Idan an sa wa yaron atesunet ta dubura kafin a turo shi, ambace ta da lokacinta.

Sai ƙarin jini. Faɗi irin jinin, yawansa, ranar, da ko jikinsa ya karɓa lafiya: "Tatattun jajayen ƙwayoyin jini, mililita 130, daren 2 ga wata, babu matsala." Lissafin mililita 10 ne a kowane kilo, da cikakken jini ne da zai zama 20. Sauran kuma a taƙaice: ruwan sukari mai kashi 10, mililita 65 sau ɗaya, dayazefam sau ɗaya, jijjiga ta ƙarshe asubar Talata, seftiriyazon giram 1 kullum daga Litinin zuwa Alhamis, an tsayar bayan gwajin renon ƙwayoyin cuta na jini bai nuna komai ba a awa 48. Ya farfaɗo safiyar Laraba, ya fara haɗiya safiyar Alhamis.

Lura da yadda aka faɗi dalilin tsayar da seftiriyazon. Idan ka ce an ba da magani ba ka ce an gama ko an tsayar ba, likita na gaba zai rasa ko ya ci gaba ko ya bari, kuma sau da yawa sai ya sake farawa.

5. Halin yaron a ranar sallama

"Ya samu sauƙi" ba bayani ba ne. Likitan unguwa yana buƙatar abin da zai gwada da shi ranar da ya ga yaron. Idan ya auna Hb ya sami 6.5, ba zai san ko hawa yake ko sauka ba sai ya san inda kuka bar shi. Don haka a sake auna Hb a ranar sallama ko jajibirinta, kada ka kwafo na washegarin ƙarin jini. Na yaronmu 7.1 ranar Laraba, 7.4 ranar Juma'a. Rubuta duka biyun tare da na farko, 4.2, a layi ɗaya. Ƙara da zafin jiki da tsawon lokacin da ya yi ba zazzaɓi, sakamakon duba jini na ƙarshe a madubi, launin fitsari, da girman saifa idan ana taɓa ta.

Ga yaron da ya yi dogon suma, je bakin gadonsa ka duba shi da kanka kafin ka rubuta wannan sashe. Riƙe masa abu mai launi ka ga ko idonsa yana bi. Kira sunansa ta bayansa. Sauke shi ƙasa ka ga tafiyarsa, ka miƙa masa abu ta dama da ta hagu ka ga ko akwai hannun da yake ƙin amfani da shi. Sannan tambayi uwar: "Mama, da lafiyarsa yana magana? Yanzu fa, kamar da yake yi?" Ita ce ta san yadda yake kafin ciwon. Ga yaronmu, abin da zai shiga takarda shi ne: "Yana gani, yana ji, yana zama da kansa. Yana tafiya idan an riƙe masa hannu, alhali kafin ciwon yana gudu. Kalmominsa sun ragu. Babu rauni a ɓari ɗaya." Wasu yaran suna fita da makanta ko raunin gaɓa wanda ke warwarewa a hankali cikin makonni ko watanni, wasu kuma farfaɗiya ko canjin hali na bayyana daga baya. Ba wanda zai gane ci gaba ko koma baya idan ba a rubuta mafari ba.

6. Maganin da ya rage

Allurar atesunet ba ta kammala maganin maleriya. Dole a bi ta da cikakken haɗin ƙwayoyi na kwana uku, ko da yaron ya sha allura da yawa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a rubuta sunan maganin da "kwana uku" kawai, alhali an fara shi a asibiti. Uwa ta je gida ba ta san ko saura nawa ba, likitan unguwa ma bai sani ba.

Atimita-lumefantirin sha shida ne. Yaro daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 yana shan ƙwaya ɗaya ta 20/120 kowane sha, daga 15 zuwa ƙasa da 25 kuma ƙwaya biyu. Sha na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sauran safe da dare. Ga yadda za a rubuta na yaronmu: "Ƙwaya 1 kowane sha. Ya sha 3 a wurinmu: Alhamis 8 na safe, Alhamis 4 na yamma, Juma'a 8 na safe. Saura 3: Juma'a 8 na dare, Asabar 8 na safe, Asabar 8 na dare. Ya ƙare Asabar 7 ga wata." Ƙara da cewa a ba shi da nono, madara ko abinci mai maiƙo, domin lumefantirin ba ya shiga jiki sosai a kan cikin da babu maiƙo. Idan ya yi amai cikin rabin awa a sake ba shi, a kuma zo a karɓi cikon ƙwayar da ta salwanta.

Kowane magani na daban ya samu irin wannan layi: awo, sau nawa, ranar farawa, ranar tsayawa. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yawanci wata uku ake sha, don haka faɗi wanda zai ci gaba da bayarwa idan na hannun uwar ya ƙare. Gaya mata kuma zai baƙanta kashin yaron, don kada ta tsorata ta daina.

Gargaɗi: idan ana zargin sikila kuma sakamakon bai fito ba, rubuta shawarar da kuka yanke a kan maganin ƙarfe da dalilinta. Mai sikila ba a ɗora shi a kansa haka kawai sai an tabbatar yana da ƙarancin sinadarin.

7. Aikin da kake roƙon likitan unguwa ya yi

Wannan shi ne zuciyar takardar, kuma ni a ganina ya cancanci a ja masa layi ko a sa shi cikin akwati don ido ya fara sauka a kansa. "A ci gaba da bibiya" ba roƙo ba ne. Kowane aiki ya zo da rana, da abin da za a auna, da abin da za a yi idan sakamakon bai yi kyau ba.

Na farko, gwajin Hb. Bayan atesunet wasu marasa lafiya suna samun fashewar jajayen ƙwayoyin jini a makare, yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 21 da fara allurar. Abin da ke faruwa shi ne maganin yana kashe ƙwayar cutar a cikin jan ƙwayar jini, saifa ta cire gawar ta mayar da jan ƙwayar cikin jini, amma wannan ƙwayar da aka taɓa ba ta daɗewa. Idan suna da yawa sai su mutu kusan lokaci ɗaya, jini ya ragu sosai alhali babu maleriya a jiki. An fi ganin haka ga wanda ƙwayar cutar ta yi masa yawa tun farko. Saboda haka ake son auna Hb mako-mako har mako huɗu. Kada ka rubuta "kwana na 7", yi lissafin da kanka: "Don Allah a auna Hb ranakun Litinin 9, 16, 23 da 30 ga wata." Ka ga na farkon kwana uku ne kacal bayan sallama, wanda mai ƙirgawa daga ranar sallama zai tsallake.

Sai ka ba da iyaka. Ga wannan yaro da ya fita da 7.4, zan rubuta: "Idan ya ragu da fiye da 1 g/dL, ko ya sauka ƙasa da 6, a kira mu a ranar. Idan ya kai 5 ko ƙasa, ko akwai haki, ko fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, a turo shi nan take." Idan ka san asibitin ba ya iya auna Hb, kada ka ɗora musu aikin. Ba yaron ranar dawowa wurinku, ka roƙe su duba tafin hannu da cikin fatar ido a tsakani. Ka kuma tuna kowace dawowa kuɗin mota ne da na gwaji a kan iyaye. Idan ka san huɗun ba za su yiwu ba, faɗi waɗanda ba a so a rasa, wato na 9 da na 16 ga wata.

Na biyu, abin da za a yi idan zazzaɓi ya dawo. Gwajin gaggawa na yatsa, irin wanda ke neman sinadarin HRP2, yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an kashe ƙwayar cutar. Likitan da bai san tarihin ba zai ga haka ya sake ba da maganin maleriya, alhali yaron na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta daban a jini, ciwon huhu, ko fashewar jinin da aka ambata. Rubuta masa a fili: "Idan ya yi zazzaɓi cikin mako huɗu, kada a dogara da gwajin gaggawa. A duba jini a madubi, a auna Hb, a nemi wani dalili. Idan madubi ya nuna ƙwayar maleriya, a tuntuɓe mu kafin a maimaita maganin da ya sha."

Na uku, rigakafin bayan sallama. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran da aka kwantar da matsanancin ƙarancin jini cikakken maganin maleriya lokaci-lokaci bayan sallama, a yankunan da cutar ke yaɗuwa sosai. A gwajin da aka yi a Kenya da Yuganda an ba da dayihaidiro-atimisinin da fiferakwin a mako na 2, na 6 da na 10 bayan sallama. Idan tsarin ƙasarku ya ɗauki wannan, rubuta maganin, wanda zai bayar, da ranar farko, wadda ga yaronmu ita ce Juma'a 20 ga wata. Idan ba a yi a wurinku, kada ka rubuta abin da ba za a samu ba.

Na huɗu, a sake duba tafiya, magana, gani da ji a kowace ziyara, a auna su da abin da ka rubuta a mataki na 5. Sabuwar jijjiga ba tare da zazzaɓi ba dalili ne na turowa.

8. Sakamakon da bai fito ba

Lissafa su, ka faɗi wanda zai bi. "Sakamakon ƙarshe na renon jini da gwajin sikila ba su fito ba. Ni zan karɓa, zan kira ku da iyayen ranar Litinin 9 ga wata." Sakamakon da kowa ke zaton wani zai karɓa, ba mai karɓa.

Gargaɗi: faɗi ko an ɗebi jinin gwajin sikila kafin ƙarin jini ko bayansa. Jinin da aka ƙara wa yaro yana rikita sakamakon har kusan wata uku. Idan bayan ƙarin aka ɗiba, roƙi a maimaita bayan wannan lokaci.

9. Abin da aka gaya wa iyaye, da rufewa

Layi biyu ko uku sun isa: an yi wa uwar bayanin sauran ƙwayoyi uku, ta maimaita lokutan da bakinta, an gaya mata ta dawo da shi cikin gaggawa idan ya yi jijjiga, ya kasa sha, yana amayar da komai, barci ya yi masa nauyi, yana haki, tafin hannunsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu, an tabbatar akwai gidan sauro mai magani da zai kwana a ciki. Idan katin rigakafinsa yana da giɓi, ambata don su cike.

Rubuta sunanka yadda za a iya karantawa, matsayinka, sunan babban likitan da ke kula da yaron, da lambar da ake ɗauka idan an kira. Guji gajerun kalmomin da ɗakinku kaɗai ya sani. Shafi ɗaya ya kamata ta ci, in ta yi yawa biyu. Yi kwafi uku: ɗaya a fayil, ɗaya a hannun uwar, ɗaya zuwa asibitin unguwa. Takardar ta fita tare da yaron a ranar, domin ziyarar farko saura kwana uku. Ga yaro irin wannan, mai Hb 7.4 da tafiyar da ba ta dawo ba, ɗaga waya ka kira likitan kafin su bar ɗakin, ka karanta masa mataki na 7, ka rubuta a fayil sunan wanda ka yi magana da shi da lokacin.